Tsakanin Kari da Aƙida: Mayar da Ma'anar Ayatul Kursiyyu Waƙa

Duk marubucin waƙa yana da iyayen gida biyu, wato kari da amsa-amo, kuma ba ya iya saɓa musu. Idan kuwa abin da yake son rerawa ma'anar ayar Alƙur'ani ce, to ya sami ubangida na uku wanda ya fi su ƙarfi, shi ne aƙida. Kari yana neman a daidaita gaɓoɓi. Amsa-amo yana neman kowane baiti ya ƙare da sauti guda. Ita kuwa aƙida buƙatarta ita ce kada a faɗi abin da ayar ba ta faɗa ba, kada kuma a bar abin da ta gindaya. Sau da yawa ukun nan sukan yi jituwa, amma akwai wuraren da dole ɗaya ya sunkuya wa ɗaya, kuma a nan ne ake gane marubucin da ya san nauyin abin da ya ɗauka.

Wannan aiki tsoho ne a ƙasar Hausa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ƙanensa Abdullahi da 'yarsa Nana Asma'u sun yi amfani da waƙa don isar da ilmin addini ga waɗanda ba su jin Larabci, har Nana Asma'u ta tsara sunayen surorin Alƙur'ani a waƙe don sauƙin hadda. Abin da ya bambanta su da yawancinmu shi ne malamai ne su kafin su zama mawaƙa. Ni kuwa digirina a kan harshen Hausa na yi shi, ilmin addinina bai wuce na ɗalibi ba. Saboda haka da shugaban makarantar Islamiyyar da nake koyarwa da yamma ya nemi in tsara wa yara ma'anar Ayatul Kursiyyu a waƙe, don su rera ranar walimar sauka, sai na ɗauki aikin da sharaɗi guda: kowane ɗango sai ya tsaya a gaban tafsiri kafin ya shiga bakin yaro.

Ayatul Kursiyyu ita ce aya ta 255 a Suratul Baƙara. Malaman tafsiri sun ƙirga jimloli goma a cikinta, kuma kowace jimla magana ce a kan Allah Maɗaukakin Sarki. Babu labari a cikinta balle a ce marubuci ya sami wurin yin ado. Kafin in rubuta ko ɗango ɗaya, na zauna da fassarar Shaihu Abubakar Mahmud Gumi da tafsirin Jalalaini, na rubuta ma'anar kowace jimla a zube da kalmomina, na kai wa wani malamin tafsiri a unguwarmu ya duba. Wannan takarda ta zube ita ta zama ma'aunina har ƙarshen aiki.

Karin da na zaɓa shi ne Mutadarak, domin yana da sauƙin bi da tafi. A yadda mawaƙan Hausa ke tafiyar da shi, kowace ƙafa ko dai gaɓa biyu ce masu nauyi, kamar a kalmar "sarki", ko kuwa gaɓa biyu marasa nauyi da ɗaya mai nauyi, kamar a kalmar "karaga". Ƙafa huɗu ke yin ɗango, ɗango biyu ke yin baiti, wato 'yar ƙwar biyu ke nan. Amsa-amon kuma na ɗora shi a kan "ki", saboda kalmomin sarki da mulki da tsarki sun dace da maganar. Sai dai rumbun "ki" ba shi da zurfi. Bayan waɗannan ukun, abin da ya rage shi ne irin su aiki da ɗauki da mamaki, kuma ba kowacce ce ta dace a jingina ta ga Ubangiji ba. Tun daga nan igiya ta fara tsuke.

Jimlar farko ita ce tushen tauhidi. Tana kore cancantar bauta daga kowa, sannan ta tabbatar da ita ga Allah Shi kaɗai. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a ba korewa ɗango na farko, a ba tabbatarwa na biyu, kamar haka:

Ba mai cancantar bauta sam,
Sai Allah Rayayye Sarki.

A kan takarda baitin nan ba shi da aibu. Karinsa ya cika, ma'anarsa ta miƙe. Amma waƙar makarantar Islamiyya ba a kan takarda take rayuwa ba. Malami ko jagora shi ke bayar da ɗango, yara su amsa da maimaita shi, sannan a wuce zuwa na gaba. Ke nan aji guda zai ɗaga murya sau biyu yana kore bauta ga kowa, a tsaya a ja numfashi, kafin togiyar ta iso. Yaron da ya tafi gida da ɗango na farko kaɗai a bakinsa, yana rera shi a hanyar ɗebo ruwa, yana furta kishiyar abin da aka so ya koya. Masana tajwidi sun daɗe da sanin wannan haɗari, shi ya sa suka ware nau'in tsayawa da suka kira mummuna, irin tsayawa a kan korewa ba tare da togiyarta ba. Alƙur'ani yana da ƙa'idojin waƙafi da ke tsare mai karatu. Waƙa kuwa ba ta da wani waƙafi sai ƙarshen ɗango, kuma marubuci ne ke yanka shi. Don haka na matsa korewa da togiya suka shiga ɗango ɗaya:

Sam babu abin bauta sai Shi,
Bisa cancanta, Allah Sarki.

Yanzu duk inda aka tsaya, magana ta tsaya da ƙafarta. Siffar rayuwa da ta fita daga wannan baiti ta sami nata baitin a gaba, tare da siffar tsayuwa da al'amarin halitta. Waƙar ta ƙara tsawo, amma wannan farashi ne mai araha. Daga nan na kafa wa kaina dokar farko: duk ɗangon da zai zama ƙarya idan aka rera shi shi kaɗai, ba shi da wurin zama, ko da maƙwabcinsa zai gyara shi.

Matsala ta biyu daga karin kansa ta fito. Ayar ta kore wa Allah abu biyu, gyangyaɗi da barci. Kalmar "gyangyaɗi" gaɓa uku ce: mai nauyi, marar nauyi, mai nauyi. A Mutadarak irin na mawaƙan Hausa ba a samun gaɓa marar nauyi guda ɗaya tilo a tsakanin masu nauyi biyu, saboda haka kalmar ba ta da ƙofar shiga ko ta ina aka juya ta. Mafita mafi kusa ita ce a yar da ita, a wadatu da barci, sannan a cike gurbin da ya rage da ƴar ƙaramar kalma. A nan ne ake samun ɗango irin wannan:

Allah ma ba ya yin barci.

Ƙafa huɗu cif, kuma kunne ba zai ji tuntuɓe ba. Amma kalmar "ma" a Hausa tana nufin akwai wasu da suka riga, wanda ake magana a kansa kuma ya bi sahunsu. Ɗangon ya sanya Allah cikin jerin marasa barci, alhali manufar ayar ita ce keɓe Shi. Da an sa "wai" a gurbin, da abin ya fi muni, domin "wai" kalmar jita-jita ce, mai faɗa yana nesanta kansa da abin da yake faɗa. Waɗannan ƙananan kalmomi, irin su fa da dai da ma da kam da wai, su ne duwatsun cike rami a wurin mawaƙi, kuma a waƙar noma ko ta biki ba wanda zai tuhume su. A waƙar aƙida kowacce tana ɗauke da hukunci. "Fa" da "kam" ƙarfafawa suke yi, don haka ana iya lamunce musu. "Ma" tarayya take kawowa, "wai" kuma shakka.

Ban da wannan, yar da gyangyaɗi ragi ne na gaske. Mutum yana iya hana idonsa barci dare guda, amma ba ya iya hana kansa gyangyaɗi. Kore ƙaramin shi ke nuna cikar siffar. Tun da kalmar ta ƙi shiga, sai na nemi ma'anarta da wasu kalmomin da karin zai karɓa, domin gyangyaɗi mafarin barci ne:

Ba farkon barci gun Allah,
Balle barci, Shi Mai tsarki.

Na san "farkon barci" bai kai "gyangyaɗi" daɗi a baki ba, kuma duk Bahaushe zai fi ganin hoton da kalmar asali ke zanawa. Amma ma'ana ta tsira, malamin aji kuma yana iya faɗa wa yara kalmar a lokacin bayani.

Wuri na uku shi ne maganar ceto, kuma a nan amsa-amo ne ya kafa tarko. Ayar ta zo da sigar tambaya, tana nuna cewa babu wanda zai yi ceto a wurin Allah sai da izininSa. Ga ɗangon da ke zuwa wa marubuci da kansa, ba tare da ya wahala ba:

Ba mai ceto a gaban Sarki.

Karinsa ya daidaita, ya ƙare da "ki", kuma yana da irin kwarjinin da ake so a rufe baiti da shi. Duk wanda ya taɓa tsara waƙa ya san wuyar rabuwa da ɗangon da ya zo a shirye haka. Amma idan ya rufe baiti, sharaɗin izini ya faɗi ƙasa, kuma abin da ya rage shi ne kore ceto gaba ɗaya. Wannan ya saɓa wa abin da Ahlus Sunna suka tafi a kai, cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zai yi ceto ranar Alƙiyama bayan an yi masa izini. Akwai kuma kuskure a ɗaya gefen, wanda zumuɗin yabo ke jawowa: a tabbatar da ceto ga wani bawa kamar abin hannunsa ne, ba a ambaci izini ba. Kalma ɗaya ce ke riƙe da ma'aunin tsakanin gefe biyun, saboda haka ita ce ta fi kowace kalma haƙƙin zama a baitin. Sai na gina baitin a kanta:

Ceto a wurinSa da izni ne,
IzninSa kaɗai, Shi Mai mulki.

Mai lura zai ga na rubuta "izni" a maimakon "izini". Na sauke wasali ɗaya don kari ya zauna, kuma wannan lamuni ne da mawaƙa suka saba da shi, ba ya taɓa ma'ana ko kaɗan. A nan iyakar lamunin waƙa take a ganina. Marubuci yana da damar ya gutsure wasali, ya gabatar da kalma ko ya jinkirta ta, ya ɗauko kalmar Sakkwatanci idan ta Kananci ta ƙi shiga. Ba shi da damar ya gutsure sharaɗi ko togiya. Abin da na rasa a wannan baiti shi ne sigar tambaya, wadda ke da girgiza zuciya fiye da zance miƙaƙƙe. Na bar ta da sani, domin yara ƙanana sukan ɗauki tambaya a matsayin abin da ke jiran amsa, kuma ban so wani ya cike gurbin da sunan da ya ga dama.

Wuri na huɗu shi ya fi kowanne santsi, domin a nan fasahar mawaƙin ce kanta ke zama abokiyar gaba. Ayar ta ambaci Kursiyyu, ta ce ya yalwaci sammai da ƙasa. Mawaƙi mai zana hoto ne, an kuma horar da mu a aji cewa kyan waƙa siffantawa da kamantawa. Da Bahaushe ya ji an ambaci kujerar mulki, fada ce ke zuwa masa a rai, da sarki da fadawa da lifidi. Ɗango kuwa ga shi a bakin alƙalami:

Sarki na zaune a kan karaga.

A waƙar fada wannan ɗango ne mai kyau. A nan kuwa ya yi ɓarna uku. Ya ƙara zama, wanda babu shi a ayar. Ya fassara Kursiyyu da karaga, ya jawo wa yaro hoton abin da ya saba gani a ƙofar fada ranar hawan salla. Sannan ya yar da abin da ayar ta zo faɗa, wato yalwa. Malaman tafsiri ma da kansu sun kawo fiye da fassara ɗaya a nan. Jalalaini ya kawo cewa wasu sun fassara maganar da kewayewar ilmin Allah, wasu kuma sun ce Kursiyyun ne da kansa ya ƙunshi sammai da ƙasa saboda girmansa. Idan manyan malamai sun tsaya da taka-tsantsan haka, ba ɗalibi mai neman cike ƙafa huɗu ne zai yanke hukunci a madadinsu ba, balle ya ɗora nasa hoton a kai. Hanyar tsira ita ce a bar kalmar yadda ta zo, a faɗi abin da aka faɗa a kanta, a tsaya:

KursinSa fa ya game sammai duk,
Da ƙasa, tsarki ga Gwani Sarki.

Za a iya tambaya ta, to ai "tsarki ga Gwani Sarki" ma ƙari ne, haka "Mai mulki" da "Mai tsarki" a baitocin baya. Gaskiya ne, kuma waƙa ba ta yiwuwa sai da irin wannan ciko. Bambancin shi ne daga ina aka ɗebo shi. Sarauta da mulki da tsarki siffofi ne da suka tabbata ga Allah a wasu wurare na Alƙur'ani, tsarkake Shi kuwa ibada ce da kowane Musulmi ke yi kullum. Ƙari irin wannan bai kawo sabon zance ba. Zama a kan karaga kuwa daga tunanin marubuci ya fito. Dokar da na bi ita ce duk cikon da zan yi sai in iya nuna inda ya tabbata a nassi, in kuwa ban iya ba, to a sake ɗangon.

Da waƙar ta kammala, na bi ta da gwaji uku. Na farko shi ne warwara: na ba wani abokina wanda bai ga takardata ta zube ba, na ce ya rubuta abin da kowane baiti ke nufi da Hausar yau da kullum. Daga nan na jera rubutunsa kusa da takardar da malam ya duba. Duk inda aka sami jimla a ɗaya babu ita a ɗaya, to an yi ragi ko ƙari a wurin. Na biyu shi ne karanta kowane ɗango shi kaɗai, daga ƙarshen waƙa zuwa farkonta, don kada ma'anar maƙwabci ta rufa masa asiri. Na uku shi ne sauraron yara suna rerawa. Hausa harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali, rubutunmu na boko kuma ba ya nuna ko ɗaya daga cikinsu. Muryar waƙa tana iya ja wasalin da ke gajere ko ta danne sautin da ke sama, kalma ta koma wata. "Gaba" da ke nufin wurin da fuska ta dosa, idan aka ja wasulanta, tana iya komawa "gaba" ta ƙiyayya. Ido ba ya kama irin wannan a takarda, sai kunne a cikin aji. Bayan gwaji ukun na mayar da waƙar ga malam, kuma hukuncinsa shi ne na ƙarshe.

Akwai iyakar da ya wajaba a faɗa wa yara tun ranar farko. Waƙar ma'ana ba Alƙur'ani ba ce. Ba a salla da ita, kuma ba ta maye gurbin karanta ayar bayan salla ko lokacin kwanciya. Alƙur'ani da kansa, a Suratu Yasin, ya nesanta kansa daga zama waƙa. Shi ya sa muka tsara cewa kafin a rera, ɗalibi ɗaya zai karanta ayar da Larabci da tajwidinta, a yi shiru kaɗan, sannan waƙa ta biyo baya a matsayin bayani. Tsarin ya yi kama da na zauren tafsirin watan azumi, inda mai jan baƙi ke gabatar da nassi, malam ya bi shi da fassara, kowa kuma ya san wanne ne asali.

A matsayina na ɗalibin adabi, na san ma'aunin da muke auna waƙa da shi: daɗin kari, armashin amsa-amo, sabunta hoto, gwanintar sarrafa harshe. Da wannan ma'auni kaɗai za a bi, da ɗangogin da na ƙi sun fi waɗanda na ɗauka maki. "Ba mai ceto a gaban Sarki" ya fi wanda ya gaje shi kaifi, ɗangon karaga kuma ya fi na Kursiyyu hoto. Saboda haka nake ganin ya kamata mai nazarin irin wannan waƙa ya ƙara tambaya ɗaya a kan waɗanda ya saba yi, wato me marubucin ya ƙi faɗa alhali kari ya ba shi dama. Abin da aka rera da ƙuruciya yana daɗewa a zuciya fiye da abin da aka ji a wa'azi, kuma tsoho yakan manta sunan malaminsa bai manta baitin da ya koya masa ba. Wanda ya sa wa yaro ɗango a baki ya ba shi guzurin shekara sittin ko fiye, don haka ya dace ya auna kowace gaɓa sau biyu, da ma'aunin aruli da kuma na tafsiri, kuma idan suka saɓa ya bi na tafsiri.